Jakar Lefen Ƙanwata: Yadda Na Gane Speedy Ɗin Jabu Ce

Ga waɗanda data ba ta bari su saurara, ga shirin a rubuce kamar kullum.

Yau maganar jaka za mu yi, kuma abin da ya jawo ta a gidanmu ya faru. Ƙanwata ce ake haɗa wa lefe. Angon ya ce ta zaɓi jaka ɗaya mai tsada da ranta ke so, shi zai biya. Sai ta ga wata mai sayar da kaya a intanet ta ɗora Louis Vuitton, ta rubuta cewa orijinal ce, an ɗan riƙe ta a waje, naira dubu ɗari huɗu da hamsin. Da daddare ta shigo ɗakina da waya a hannu, ta ce, "Yaya, don Allah duba min wannan, gobe za a tura kuɗin." Ni kuwa na ɗan jima ina saye da sayar da jakunkunan gwanjo, kuma an taɓa cuta ta, shi ya sa na koyi dubawa. Na ce mata kada a tura ko sisi sai an kawo jakar mun riƙe ta a hannu.

Tun kafin mu yi nisa bari in faɗi wani abu. Ba na zagin wadda ta sayi kwafi tana sane. Kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma kasuwanninmu cike suke da su. Abin da ke da ciwo shi ne a karɓi kuɗin orijinal a hannunki a miƙo miki jabu. Wannan shi muke so mu toshe.

Toh, matakin farko ba neman alamar jabu ba ne. Matakin farko shi ne ki san wace jaka ce a gabanki. Mutane da yawa nan suke faɗuwa. Sai ki ji an ce "ai LV ce", shi ke nan. Louis Vuitton kamfani ne da aka kafa a Paris tun 1854, kuma samfuran jakarsa suna da yawa, kowanne da sunansa, da girmansa, da kalar cikinsa. Idan ba ki san samfurin ba, da me za ki gwada? Kamar a ba ki atamfa ne a ce ki faɗi ko ta gaske ce, alhali ba ki san ko Super ake nufi ko wata daban ba.

Guda uku aka fi gani a wajenmu. Akwai Neverfull, wadda ta fito a 2007: buɗaɗɗen baki gare ta, babu zif a sama, hannayenta sirara ne dogaye na ratayawa a kafaɗa, da 'yan igiyoyi a gefe da ake tsuke ta da su. Akwai Alma: ƙasanta faffaɗa ne mai tauri, samanta a lanƙwashe kamar baka, tana tsayawa ƙyam idan an ajiye ta. Sai Speedy, wadda ta samo asali tun wajen 1930: ita kamar ƙaramar jakar tafiya take, jikinta da laushi, zif ɗaya a sama daga wannan gefe zuwa wancan, gajerun hannaye biyu zagayayyu, da ɗan kwaɗo a gefe. Ta ƙanwata Speedy ce.

Ita Speedy lamba take ɗauka: 25, 30, 35, 40. Lambar nan ba ado ba ce, tsawon jakar ne a santimita. Speedy 30 tana da tsawon santimita 30, tsayinta wajen 21, faɗinta wajen 17. Don haka tef ɗin tela shi ne kayan aikinki na farko. Idan an ce miki 30 ce kika auna kika ga 33, to magana ta fara lalacewa tun daga nan. Sannan Speedy iri biyu ce. Akwai ta ainihi mai hannu kaɗai, akwai kuma Bandoulière da aka fito da ita a 2011, mai doguwar igiyar ratayawa. Ita mai igiyar, za ki ga an ɗinka mata zirin fata a kowane gefe da zoben da igiyar ke maƙalewa. Idan kika ga jaka an haɗo ta da igiya amma babu wannan zirin fata a gefe, sai dai a maƙala igiyar a zoben hannu, to ko dai igiyar ba tata ba ce, ko kuma jakar ce ba ta gidan ba.

Bayan samfuri sai zanen jiki. Wanda kowa ya sani shi ne Monogram, ruwan ƙasa mai haruffan LV da furanni, wanda Georges Vuitton ya fito da shi a 1896. Akwai kuma Damier, mai gida-gida kamar allon dara: Ebene shi ne mai duhu, Azur shi ne fari da shuɗi-shuɗi. Ga abin da ke ba mutane mamaki: wannan jikin ba fata ba ne. Yadi ne mai kauri irin tamfol da aka shafe da wani abu mai hana ruwa shiga. Fata tana hannaye ne da bakin ɗinki da 'yan kunnuwan gefe. Don haka duk mai cewa "taɓa ki ji, fata ce zalla tun daga sama har ƙasa" a kan Monogram ta yau da kullum, ko dai bai san kayansa ba, ko yana so ya rufe ki.

Washegari da yamma aka aiko yaro da jakar a cikin kwali mai kyau, har da rasit da wani kati. Ƙanwata tana ganin katin ta ce, "Yaya kin gani ko, har da katin shaida." Na yi dariya. Louis Vuitton ba ya bayar da katin shaidar inganci. Wasu kamfanonin sun yi haka, shi ya sa masu kwafi ke cusa kati a kowace jaka don hankalin mai saye ya kwanta. Kwali da rasit da jakar ƙura kuwa duk ana buga su, har sayar da su ake yi daban. Na ture su gefe na ce jakar za mu tambaya, ita ba ta iya ƙarya ba.

Na auna ta, 30 cif. Nan ta ci. Sai na juya ta na duba ƙasanta. Speedy Monogram ta ainihi da yadi ɗaya ake naɗe ta, daga gaba ya bi ta ƙasa ya fito baya, babu ɗinki a tsakiyar ƙasa. Saboda haka haruffan LV a gefe ɗaya suna tsaye, a ɗaya gefen kuma suna kife, kai a ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kuskure ne, alhali shi ne daidai. Wasu tsofaffi ƙwarai sun saɓa wa wannan, amma ga jakar shekarun nan haka abin yake. Tamu ta ci wannan ma, haruffan baya a kife suke. Masu kwafi sun daɗe da gano wannan. Na faɗa muku ne don ku san cin jarrabawa ɗaya ba ya wanke jaka.

Yanzu sai ƙarafa, wato kwaɗo da zif da zobba da 'yan ƙusoshin da ke riƙe hannu. Kwaɗon Speedy na tagulla ne. Idan kika ɗora shi a tafin hannu za ki ji nauyin da ya fi girmansa. A gefe ɗaya akwai LV, a ɗaya gefen akwai sunan kamfanin, kuma rubutun a nutse yake, gefensa tsaf kamar an yanka da reza. Akwai lamba a jikin kwaɗon, kuma lambar nan dole ta zama ita ce a jikin makullansa. Tagulla idan ta tsufa dusashewa take yi, ta yi duhu, wani lokaci har ta ɗan yi kore a lungu, amma idan kika goge sai ta dawo. Abin da ba ta yi shi ne ɓarewa ta nuna wani farin ƙarfe a ƙarƙashi.

Kwaɗon tamu yana ta ƙyalli, rawaya shar kamar sabon ɗan kunnen yari. Amma a bakin ramin makulli, inda ake yawan gogawa, ruwan zinaren ya ɗaye, wani ƙarfe mai launin toka ya leƙo. Na nuna wa ƙanwata. Rubutun jikinsa kuma ya yi faɗi, ba shi da zurfi, kamar wanda aka zuba a mazubi ruwan fenti ya cike shi. Wasu za su ce ki kawo maganaɗisu ki gwada. Gaskiya ne tagulla ba ta kama maganaɗisu, don haka idan jikin kwaɗon ya manne, an gama magana. Amma idan bai manne ba, kada ki yi murna, domin akwai ƙarafa masu araha da su ma ba sa kamawa, kuma da su ake yin yawancin na jabu. Gwajin nan yana iya kayar da jaka, amma ba ya iya tsayar da ita.

Akwai kuma iyaka a nan da ya kamata ku sani. Kwaɗo abu ne da ake cirewa. Jakar gaske tana iya zuwa da kwaɗon da ba nata ba saboda na ainihin ya ɓata, jabu kuma tana iya zuwa da kwaɗon gaske da aka sayo daban. Shi ya sa na fi dogara da ƙarafan da ba sa cirewa. Na ja zif ɗin sau uku. Na gaske yana tafiya sumul da ɗan nauyi a hannu, wannan kuwa yana cijewa a tsakiya, yana ƙara kamar gwangwani. Na duba 'yan ƙusoshin hannu, inda sunan kamfanin ke zagaye da kan ƙusar. A ta gaske kowane harafi yana karantuwa. A tamu haruffan sun cakuɗe, wasu sun haɗe da juna.

Daga nan na dawo kan fatar hannu. A Monogram, fatar saniya ce da ba a shafa mata fenti ba. Sabuwa fara ce sol-sol kamar madara. Da ta sha rana da iska da man hannu sai ta riƙa rinewa, ta koma kalar zuma, daga baya ta yi ruwan ƙasa. Kuma ba ta rinewa bai ɗaya: inda ake riƙewa ya fi duhu, ɗigon ruwa yana barin tabo. Mai jakar ta ce tun 2012 aka saye ta. Jakar da ta haura shekara goma ana riƙe ta, amma hannunta kala ɗaya daga farko har ƙarshe, da wani ɗan sheƙi kamar leda? Na shinshina, warin roba da gam ne ya bugi hancina. Jan fentin da ke gefen hannun ma ja ne wur kamar jan farce, alhali na gaske ya fi duhu, kuma ƙara duhu yake da shekaru. Zaren ɗinkin kuma rawaya ne mai haske ƙwarai, na gaske kuwa rawayarsa a kwance take, ta fi kusa da kalar zuma.

Sai muka buɗe ciki. Shafin jaka, wato yadin da aka yi mata ciki da shi, wuri ne da masu kwafi ke yawan yin sakaci, don sun san hoton waje ake kallo. Nan ne sanin samfuri ke biyan ki. Speedy Monogram ta yau da kullum cikinta yadin auduga ne ruwan ƙasa, mai ɗan kaushi, kina ganin saƙarsa. Damier Ebene cikinta ja ne. Damier Azur cikinta mai haske ne, kalar madara. Akwai fitowa ta musamman da kan zo da wata kala, amma idan an ce miki ta yau da kullum ce, to ga abin da za ki tarar. Cikin Speedy kuma fili ne guda, da aljihu ɗaya a jikin bango da ɗan zobe. Babu wani bango a tsakiya da ya raba ta biyu.

Tamu da na zura hannu sai na ji laushi kamar karan-miski, kalar toka-toka. Na ja shi sai ya taso, yana ƙarar leda a ƙarƙashi. Ga kuma aljihun waya an ƙara mata a ɗaya bangon. Ƙanwata ta ce, "To Yaya ba gara haka ba, ai ya fi amfani." Na ce ya fi amfani, amma ba su suka yi shi ba. Duk abin da aka ƙara wa jaka wanda samfurin ba shi da shi, shaida ne a kanta, ko da ya yi kyau.

Yanzu ga babban wurin, tambarin da aka buga a jikin fata. A Speedy yana kan ɗan kunnen fata da ke gefe, a ƙarshen zif. Za ki ga ƙaramin ® a sama, sai LOUIS VUITTON, sai PARIS, sai ƙasar da aka yi ta da ƙananan haruffa, misali made in France. Abu uku nake dubawa. Harafin O zagayayye ne sosai kamar zobe, har ya kan yi kamar ya fi L girma. Ƙafar L gajeriya ce. T biyun da ke cikin VUITTON kuma suna dab da juna kamar za su taɓa. A jabu sau da yawa O ɗin yakan fito a matse kamar ƙwai, haruffan su yi kauri, ko bugun ya nutse a gefe ɗaya ya yi sama-sama a ɗayan. Ki ɗauki hoto da wayarki ki zuƙo shi, ido kaɗai ba ya isa. Kuma kada ganin Spain ko Italy ko U.S.A. ya tsorata ki. Kamfanin yana da masana'antu a can, ba Faransa kaɗai ba.

Tambarin tamu ya ce made in France, kuma gaskiya sun yi ƙoƙari, O ɗin ne kawai ya ɗan matse. Abin da ya kashe maganar gaba ɗaya shi ne lambar kwanan wata. Ku saurara da kyau a nan, don wannan ko a hoto za ku iya amfani da shi.

Daga farkon shekarun 1980 har zuwa 2021, kamfanin yana buga wata 'yar lamba a ɓoye a cikin jaka. A Speedy yawanci sai kin ɗaga aljihun ciki za ki gan ta. Daga 1990 tsarinta haruffa biyu ne da lambobi huɗu. Haruffan suna nuna masana'antar da aka yi jakar. Lambobin kuma a tsallake ake karanta su: ta ɗaya da ta uku tare, ta biyu da ta huɗu tare. Daga 1990 zuwa 2006, ta ɗaya da ta uku wata ne, ta biyu da ta huɗu shekara. Misali TH1012: ɗauki 1 da 1, wata na 11 ke nan, sai 0 da 2, shekarar 2002. Nuwamba 2002. Daga 2007 sai aka mayar da ta ɗaya da ta uku su zama mako a maimakon wata. Don haka idan kika lissafa kika samu mako na 65, kin san shekara ba ta da shi.

Tamu an buga CA1132. Muka lissafa tare: 1 da 3, mako na 13. 1 da 2, shekarar 2012. Ƙanwata ta yi tsalle ta ce ai ya yi daidai da abin da matar ta faɗa. Na ce tsaya, saura haruffan. TH da SP na Faransa ne. CA kuwa na Sifen ne. Ga jaka a waje tana cewa a Faransa aka yi ni, a ciki kuma tana cewa a Sifen. Mai ƙarya ya manta abin da ya faɗa da safe. Nan ƙanwata ta zauna a bakin gado ta yi shiru.

Amma ku riƙe wannan: lambar nan ba lambar shaida ba ce. Jakunkuna da yawa da aka yi a masana'anta ɗaya a mako ɗaya lambarsu ɗaya. Mai kwafi yana iya kwafo lamba mai kyau ya buga. Idan lamba ta saɓa, jakar ta faɗi. Idan ta yi daidai, ba ta ce komai ba tukuna. Sannan daga 2021 an daina buga ta, an koma saka ɗan cif a ɓoye a cikin jakar, wanda shagon kamfanin ne ke karanta bayanansa. Ma'ana, sabuwar jaka ta gaske ba za ki ga lamba a cikinta ba, kuma rashin lambar ba laifi ba ne. Wadda aka ce miki bana aka yi ta amma ga lamba a ciki, ita ce abin tuhuma. Masu nuna miki bidiyo suna kara waya a jikin jaka shafin kamfani ya buɗe, wannan ma ba hujja ba ce, domin irin wannan cif ɗin ana saye a saka a kowace jaka.

Na kira matar. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, jakar nan tambarinta Faransa, lambarta Sifen, ga cikinta ba nata ba ne." Ta yi jim, sannan ta ce wallahi ita ma haka aka kawo mata, a matsayin orijinal ta saya. Allah ne masani, kuma zai iya yiwuwa gaskiya ta faɗa, don da yawa masu sayarwa ba su iya dubawa ba. Ban yi faɗa da ita ba. Muka mayar da jaka, kuɗin ango yana aljihunsa.

Gaskiyar da zan ƙara muku ita ce, tamu jabu ce mai matsakaicin aiki, shi ya sa ta tonu a cikin minti ashirin. Akwai waɗanda aka yi da fatar gaske mai rinewa, da shafi daidai, da lamba daidai, waɗanda ni kaina ba zan rantse a kansu ba. Idan kuɗin ya kai a yi masa kuka, akwai masu aikin tantance jaka da ake biya su duba, kuma kuɗinsu kaɗan ne a kan abin da za a yi asara. Ku kuma sani kamfanin nan ba ya bayar da sari, ba ya yin rangwamen ƙarshen shekara, a shagunansa da shafinsa kawai yake sayar da sabuwa. Duk wanda ya ce yana da sababbi dozin a farashin sari, ya riga ya gaya muku abin da yake sayarwa.

Idan daga nesa za ku saya, ku nemi hoto biyar kafin ku tura kuɗi: tambarin gefe a kusa, lambar ciki idan tsohuwa ce, shafin ciki da aljihunsa, kan zif da ƙusoshin hannu, sai ƙasan jakar. Ku ce a ɗauka da rana, ba da fitilar ɗaki ba. Mai kayan gaske ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa "ke dai ki yarda da ni" ko "wata na jira za ta biya yanzu", ku bar wa watan.

Ƙanwata dai a ƙarshe jakar fata ta saya, ɗinkin gida, ba tambarin kowa a jikinta, sauran kuɗin aka ƙara a akwati. Wadda ke da jaka a gida, ta ɗaga aljihun ciki yau ta karanta lambar da kanta, ta gwada da abin da tambarin waje ya ce. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.